Muhawara: fishiye 200 jerarru, ƙaƙa za a haɗe su zuwa jeri guda?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata matsala da nike son masu ilimin abin su duba mini. Akwai fishiye 200 da anka tattaro daga shagunan tura kuɗi na Tawa, Ƙonni, Madawa da Keita, kowane shago da nashi. Kowane fishiye shina da layi kamar 30,000, daga Maris zuwa Mayu, kuma an jera shi bisa lokaci tun daga na farko har na ƙarshe. Jimla layi miliyan 6 ke nan. Abin da aka so shi ne fishiye guda wanda duka layukan za su bi lokaci. Yadda na rubuta da Python: ina duba layin gaba na kowane fishiye, in ɗauki mafi ƙanƙanta, in rubuta shi, in sake dubawa. Shina aiki, amma sai a sha shayi zagaye uku bai kai rabi ba. An ce mini in yi da `heapq`, kayan aikin Python na tsarin da aka kira tsibi. Mi za a sa cikin tsibin nan, kuma don mi zai fi sauri?

Ƴar Yantala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, tabbatar mini da abu ɗaya: kowane fishiye na shago ɗaya ne na wata ukun gaba ɗaya, ko kuwa kowane fishiye na rana ɗaya ne? In na rana ne, lokutansu ba sa shiga juna, sai ka jera sunayen fishiyoyin ka liƙa su ɗaya bayan ɗaya, ba ruwanka da tsibi.

Ɗan Adar:
Na shago ne Yaya. Duka 200 ɗin sun fara 1 ga Maris, sun ƙare 31 ga Mayu, lokutan sun cuɗanya.

Ƴar Yantala:
To, haɗewa ta kama. Tunaninka daidai yake tun farko: tunda kowane jeri a jere yake, mafi ƙanƙantar abin da ya rage a cikinsa shi ne na bakinsa. Saboda haka mafi ƙanƙanta a duka layi miliyan 6 dole yana cikin na bakin nan guda 200, ba sai an leƙa ciki ba. Inda kake asara shi ne wajen nemo shi. Don fitar da layi ɗaya kana gwada 200 da juna, gwaji 199. Ka ninka da miliyan 6, ka ga gwaji 1,194,000,000. Alhali daga wannan zagaye zuwa na gaba abu ɗaya tak ya canja a cikin 200 ɗin, sauran 199 suna nan yadda ka bar su, amma kana sake tambayarsu kamar ba ka taɓa ganinsu ba.

Tsibin shi ke riƙe maka abin da ka riga ka sani. Jeri ne na gida 200 kawai, amma ana kallonsa kamar bishiya: wanda ke gida `i` ƴaƴansa suna gida `2i+1` da `2i+2`, kuma doka ɗaya ce, uba ba ya fin ɗansa girma. Don haka na gida 0 shi ne ƙaramin kowa. In ka fitar da shi, sai ka ɗauko na bayansa daga fishiyen da ya fito, ka ɗora a gida 0, ka bar shi ya gangara: a kowane hawa a gwada ƴaƴan biyu a ga ƙaraminsu, a gwada shi da baƙon, in baƙon ya fi girma su yi musanya. Tsibi mai 200 gangararsa ba ta wuce hawa 7, gwaji biyu a kowane hawa, 14 ke nan in abin ya yi muni. Miliyan 6 sau 14, miliyan 84. Ka kwatanta da biliyan ɗaya da ɗoriya.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri da ni, ina shekara ta biyu ne. A darasin C an koya mana cewa tsibi shi ne wurin da `malloc` yake yanko wuri a ƙwaƙwalwar na'ura. To in an zuba layi miliyan 6 a can, ai ƙwaƙwalwar ce za ta cika. Ko ban fahimta ba?

Malamin Lissafi:
Ɗalibi, suna ne ya zo ɗaya. Na `malloc` yanki ne na ƙwaƙwalwa. Wanda ake magana a nan tsarin ajiye bayanai ne, wanda J. W. J. Williams ya fito da shi a 1964. Ba su haɗa komai ba sai suna.

Amma rabin tambayarka na biyu ya cancanci amsa, domin mutane da yawa suna faɗawa ramin. Ba a zuba miliyan 6 a tsibin. In ka zuba duka, ka watsar da jerin da aka riga aka yi maka kyauta, ka koma jera komai daga farko: tsibin zai yi zurfin hawa 22 maimakon 7, kuma dole duka bayanan su zauna a ƙwaƙwalwa lokaci guda. A hanyar da Hajiya ta kawo, tsibin bai taɓa wuce 200 ba, wakili ɗaya daga kowane fishiye. Shi ya sa ake rubuta tsadar aikin `N log k`, inda `N` yake jimlar layuka, `k` kuma yawan jeri.

Bari mu yi da hannu da ƙananan lambobi, a gani da ido. Jeri huɗu:

```
jeri 0: 3, 9, 20
jeri 1: 5, 5, 30
jeri 2: 1, 9
jeri 3: (babu komai)
```

Kowane wakili yana ɗauke da abu uku: ƙimarsa, lambar jerin da ya fito, da gurbinsa a jerin. Jeri na 3 ba shi da wakili tun farko. Bayan an gyara tsibin, ga yadda yake tafiya, na hagu shi ne na gida 0:

```
(1,2,0) (5,1,0) (3,0,0)    fita 1
(3,0,0) (5,1,0) (9,2,1)    fita 3
(5,1,0) (9,0,1) (9,2,1)    fita 5
(5,1,1) (9,0,1) (9,2,1)    fita 5
(9,0,1) (30,1,2) (9,2,1)   fita 9
(9,2,1) (30,1,2) (20,0,2)  fita 9
(20,0,2) (30,1,2)          fita 20
(30,1,2)                   fita 30
```

Duba layi na farko zuwa na biyu. An fitar da 1, kuma lambar tsakiya ta gaya mana daga jeri na 2 ya zo, sai aka ɗauko 9 na jeri na 2. Ya hau sama, ya tarar da 5 da 3 a ƙarƙashinsa, 3 ya fi ƙanƙanta, suka yi musanya. Daga layi na uku zuwa na huɗu kuwa 5 ya gaji 5, bai motsa ko taku ɗaya ba. A layi na shida jeri na 2 ya ƙare, babu magaji, sai tsibin ya ragu zuwa biyu. Lura kuma da layi na biyar: 30 yana zaune kafin 9 a cikin tsibin, kuma ba laifi ba ne. Tsibi ba jeri ba ne, na samansa kaɗai ya yi maka alkawari.

Sabon Shiga:
Na gode Malam, yanzu na gani. Amma me zai hana in ɗauko magajin daga kowane jeri na ga dama, tunda tsibin zai gyara kansa?

Malamin Lissafi:
Gwada da misalin. Ka fitar da 3 na jeri 0, maimakon 9 ɗinsa ka ɗauko daga wani wuri. Yanzu jeri 0 ba shi da wakili, tsibin bai san da 9 ɗin nan ba, zai iya fitar da 30 kafin a tuna da shi. Hujjar da aikin ya tsaya a kanta ita ce kowane jerin da bai ƙare ba yana da na bakinsa a ciki. Ranar da ka karya wannan, babu sauran tabbacin na sama shi ne ƙaramin kowa.

Ƴar Yantala:
Ga shi a rubuce, in jerin suna cikin ƙwaƙwalwa:

```python
import heapq

def hada(jeri):
    tsibi = [(a[0], i, 0) for i, a in enumerate(jeri) if a]
    heapq.heapify(tsibi)
    while tsibi:
        v, i, j = tsibi[0]
        yield v
        if j + 1 < len(jeri[i]):
            heapq.heapreplace(tsibi, (jeri[i][j + 1], i, j + 1))
        else:
            heapq.heappop(tsibi)
```

`if a` ɗin nan na layi na farko kada a raina shi. Shagon da bai yi ciniki ba zai aiko da fishiye wayam, `a[0]` ya faɗi da `IndexError` tun ba a fara ba. Sannan na sa `heapreplace` da gangan. Da yawa suna yin `heappop` su biyo da `heappush`, amsar ɗaya ce, sai dai gyaran tsibi biyu ne a kan kowane layi maimakon ɗaya. `heappop` sai lokacin da jeri ya ƙare, sau 200 a duk aikin.

Ɗan Adar:
Yaya na gwada. Da lambobi ya yi daidai. Da na sa bayanan gaskiya sai na canja wakilin zuwa `(lokaci, bayani)`, inda bayanin `dict` ne mai kuɗi da lambar shago. Ya rubuta layuka kaɗan lahiya lau, sannan ya tsaya da wanga:

```
TypeError: '<' not supported between instances of 'dict' and 'dict'
```

Abin mamaki da fishiye uku na gwaji bai taɓa yi ba.

Ƴar Yantala:
Ka cire lambar jeri daga tsakiya, shi ne ya cije ka. Python yana gwada wakilai biyu gaɓa-gaɓa: ya fara da lokaci, in sun bambanta ya tsaya nan. In lokutan sun zo ɗaya sai ya matsa gaɓa ta biyu, a wurinka kuwa ta biyun `dict` ce, ba a cewa wannan ya fi wancan. Da fishiye uku da wuya shago biyu su yi ciniki a daƙiƙa guda, shi ya sa gwajinka ya wuce. Da 200 kuwa, ranar kasuwa da hantsi, dole a yi karo.

Mayar da shi `(lokaci, i, bayani)`. Tunda wakili ɗaya ne daga kowane fishiye, babu biyu masu `i` ɗaya a tsibin, gwajin ba zai taɓa kaiwa ga bayanin ba. Akwai kuma riba ta biyu wadda ta fi ta farko a aikin kuɗi. In an yi kunnen doki, mai ƙaramar lamba ke fara fita, kullum. Ka ga layi na biyar da na shida a misalin Malam, 9 na jeri 0 ya riga 9 na jeri 2. Ma'ana in ka sake aikin gobe za ka sami fishiye iri ɗaya layi da layi, muddin ka ba fishiyoyin lambobi iri ɗaya. Don haka ka jera sunayensu da `sorted` kafin ka buɗe su, domin `os.listdir` ba ya alkawarin kawo su a wani tsari.

Mai C++ na Harobanda:
Ga masu yi da C++, a kula: `std::priority_queue` babba yake ɗorawa sama, ba ƙarami ba. In ba ka ba shi `std::greater` ba, zai riƙa zaɓen mafi girma a cikin na bakin jeri, abin da zai fito ba hawa ba ne ba sauka ba ne. Kuma ba shi da kwatankwacin `heapreplace`, sai `pop` da `push`. Na Java, `PriorityQueue`, ƙarami yake ɗorawa kamar na Python.

Ɗan Ƙonni:
Ni hwa ina ganin ana wahalar da yaro. Ka karanta duka cikin jeri guda ka kira `sort`, layi biyu, an gama. Na Python ba wawa ba ne, Timsort ne, shina gane guntayen da anka riga anka jera ya haɗe su kawai. Kuma da C anka rubuta shi. Tsibin da za ka juya da hannu cikin Python sau miliyan 6 ba zai kamo shi ba. In ba ka so, haɗa biyu-biyu: na ɗaya da na biyu, abin da ya fito da na uku, haka har 200.

Malamin Lissafi:
Maganarka biyu ce, ɗaya ta tsaya, ɗaya ta faɗi. Ta biyun tukuna. In kana haɗa sakamako da fishiye na gaba, layukan fishiye na farko za a sake kwashe su sau 199. Haɗin farko yana motsa layi 60,000, na biyu 90,000, na uku 120,000, har na ƙarshe miliyan 6. Jimla 30,000 sau 20,099, wato 602,970,000. Rabin wahalar da ya zo da ita ne kawai. Biyu-biyun da ke aiki shi ne irin na gasar kokawa: 200 su koma 100, su koma 50, su koma 25, zagaye 8 a gama, kowane zagaye yana taɓa kowane layi sau ɗaya, motsi miliyan 48. Wannan tsadarsa ɗaya da ta tsibi a lissafi. Bambancin, shi sai ya ajiye sakamakon kowane zagaye a wani wuri, tsibi kuwa karatu ɗaya, rubutu ɗaya.

Ta farkon kuwa gaskiya ce. In komai ya shiga ƙwaƙwalwa, liƙawa a kira `sort` sau da yawa ya fi sauri a Python, saboda dalilin da ka faɗa.

Ƴar Yantala:
In ya shiga. Ƙanena, layinka harafi nawa ne, na'urar kuma jiga nawa gare ta?

Ɗan Adar:
Layi kamar harafi 80. Na'urar jiga 4 ce, ta ofis.

Ƴar Yantala:
Miliyan 6 sau 80, mega 480 a kan faifai. A cikin Python kowane layi yana da nauyin kansa na ƙari, ga mabuɗin jerawa da za a ƙirƙira wa kowane layi a riƙe har a gama, sai ka ga an haura jiga ɗaya. In ka mayar da kowane layi `dict` tun wajen karatu, to jiga 4 ba za ta ɗauka ba, na'urar ta fara sauke kaya a faifai, saurin da ake taƙama da shi ya tafi. Wata uku zai iya shiga da ƙyar. Ranar da aka ce a haɗa na shekara fa? Da tsibi abin da ke ƙwaƙwalwa layi 200 ne da ɗan abin da kowane fishiye ya karanto gaba, ko na shekara goma ne. Layin farko kuma yana fita nan take, ba sai an karance komai ba.

Ɗan Ƙonni:
Na yarda da zancen shekara. Na wata uku kam har yanzu ina kan bakana, a auna a gani.

Mai Gyaran Rezo:
Ku duka kuna rubuta abin da aka daɗe da rubutawa. A Linux:

```
LC_ALL=C sort -m shago_*.txt > duka.txt
```

`-m` ɗin yana cewa fishiyoyin a jere suke, haɗewa kawai za a yi. Na GNU yana ɗaukar 16 a lokaci guda in ba ka canja da `--batch-size` ba, ya ajiye sakamakon wucin gadi, ya sake haɗe su. Dalilin da ya sa na kawo wannan: in da Python za ka buɗe duka lokaci guda, 200 ba matsala, amma `ulimit -n`, iyakar fishiyen da ake iya buɗewa lokaci guda, a yawancin na'urori 1024 ne. Shaguna suka kai 1,500 za ka ga `Too many open files`. Maganin shi ne rukuni-rukuni, misali 500 sau uku, sannan a haɗe ukun.

Ɗan Adar:
Na gode Yaya Mai Rezo, amma ga wata sabuwa, kuma da `sort -m` da nawa duka abu guda sunka ba ni. Ba saƙon kuskure, an gama lahiya, layi miliyan 6 cif. Watan Maris ya hito daidai har ranar 31. Daga nan sai shago guda na Keita ya kama hita shi kaɗai, Afrilu duka, Mayu har ranar 30, sannan anka koma 31 ga Maris na sauran. Can kuma wani shagon ya yi haka. Tsibin ne ya lalace?

Ƴar Yantala:
Turo layi ɗaya yadda yake a fishiyen, ka goge lambar waya da suna.

Ɗan Adar:
```
31/03/2024 19:42:07;K014;depot;25000
```

Ƴar Yantala:
Tsibin lafiyarsa ƙalau, kwanan watan ne. An rubuta shi yadda muka saba, rana, wata, shekara, kai kuma kana gwada shi a matsayin rubutu, harafi bayan harafi. A idon na'ura `01/04/2024` ya fi `31/03/2024` ƙanƙanta, domin 0 yana gaban 3. Cikin Maris babu wanda zai lura, tunda rana kaɗai ke canjawa. Shagon da ya riga kowa rufewa ranar 31, shi ne na farko da na bakinsa ya zama `01/04`. Nan take ya zama ƙaramin kowa, kuma ya ci gaba da zama haka, domin duk kwanakin Afrilu da na Mayu har `30/05` suna ƙasa da `31/03` a wannan ma'auni. Sai da ya kai `31/05` ya tsaya. Abin da ka gani ke nan daidai.

A taƙaice fishiyoyinka a jere suke a idonka, amma ba a jere suke ba bisa ma'aunin da ka ba tsibin. Juya mabuɗin, shekara ta zo gaba:

```python
def mabudi(layi):
    return layi[6:10] + layi[3:5] + layi[0:2] + layi[10:19]

fita.writelines(heapq.merge(*fishiyoyi, key=mabudi))
```

`heapq.merge` shi ne aikin da muka rubuta a sama, a shirye, yana karɓar fishiyoyi buɗaɗɗu kai tsaye, `key` kuma yana nan tun Python 3.5. Yankan nan yana aiki ne in ana cika sifili, `05/03` ba `5/3` ba. In akwai shagon da ba ya cikawa, sai `datetime.strptime`, ya fi nauyi amma ba ya ruɗewa. Ka kuma duba layin ƙarshe na kowane fishiye yana da alamar sabon layi, in babu zai manne da wanda ya biyo shi su zama layi ɗaya.

Mai Gyaran Rezo:
Na karɓi laifi, na ba da umarni ban tambayi siffar layin ba. `sort -m` ma ba ya bincika ko a jere suke, yarda yake yi. Da an fara da `sort -c` a kan fishiye ɗaya da ya nuna layin da tsarin ya karye.

Malamin Lissafi:
Wannan shi ne aibin hanyar gaba ɗaya, kuma ya fi na `TypeError` haɗari, domin wancan yana ihu, wannan shiru yake. Ɗauki jeri `2, 8, 4` da jeri `5, 6`. Za a fitar da 2, 8 ya shiga, a fitar da 5, a fitar da 6, a fitar da 8, sannan 4 ya bayyana. Sakamako `2, 5, 6, 8, 4`. Adadi ya cika, ba abin da ya ɓata, ƙidayar layuka ba za ta nuna maka komai ba. Tsibin bai taɓa ganin 4 ba sai bayan 8 ya tafi.

Maganin gwaji ɗaya ne a kan kowane layi. Lokacin da kake ɗauko magaji, gwada shi da wanda ya fita yanzu daga fishiye ɗaya. In magajin ya fi ƙanƙanta, tsaya, ka buga sunan fishiyen da lambar layin. Ana iya binciken a wajen fita, a gwada kowane layi da na gabansa, zai kama kuskuren, amma a wajen shiga ka fi sanin mai laifi kai tsaye. Da `heapq.merge` sai ka naɗe kowane fishiye cikin ƙaramin aiki mai `yield` wanda ke riƙe mabuɗin baya.

Ɗan Adar:
Na gyara mabuɗin, na sa binciken Malam. Aikin da ka ɗaukar dogon lokaci yanzu kahin ruwan shayi ya tahasa ya kai inda zai kai. Sai dai binciken ya tsaida ni a fishiye 7 cikin 200, ɗaya bayan ɗaya. A kowane akwai layuka kaɗan da lokacinsu ya koma baya da minti goma ko ashirin. Na tambaya, anka ce in rezo ya yanke ana riƙe cinikin, sai ya dawo a rubuta shi da lokacinshi na asali.

Ɗan Ƙonni:
To ka gani. Da `sort` na gaba ɗaya ka yi da ba ka ma san da wanga ba, ya gyara maka.

Ƴar Yantala:
Da bai sani ba, shi ne abin da ban so. Amma gyaran mai sauƙi ne: fishiye 7 ɗin nan kowanne layi 30,000 ne, jera kowanne shi kaɗai da `sorted` da wannan mabuɗin, sannan ya shiga haɗin. Kusan a jere suke, Timsort zai wuce su da sauri. Sauran 193 a bar su suna kwarara daga faifai.

Malamin Lissafi:
Hajiya, a nan ina da ja. In layin yana ɗauke da ragowar kuɗin akwati bayan kowane ciniki, to tsarin da aka rubuta su shi ne tsarin da ragowar ke bi. Ka jera su bisa lokaci, ragowar ta daina bin juna, mai binciken kuɗi ya ga kamar an taɓa akwatin. Kafin a jera sai a san wanne ake so, lokacin ciniki ko lokacin rubutawa.

Ƴar Yantala:
Layin da ya turo ba shi da ragowa, Malam, lokaci ne da shago da iri da kuɗi. Amma na yarda a ƙara wa kowane layi lambarsa ta asali kafin a jera, don a iya komawa. Abin da ya fi damuna agogon shagunan ne. In kowace na'ura da agogonta take rubutawa, na Madawa yana iya gaban na Tawa da minti biyu, kowane fishiye a jere, binciken ba zai ce uffan ba, amma wanda ya riga wani tsakanin shago biyu ba abin dogaro ba ne. Ƙanena, lokacin nan daga ina yake zuwa, daga na'urar shago ko daga uwar na'ura ta tsakiya?

Ɗan Adar:
Wanga sai na tambayi wanda ya kafa na'urorin, shina Madawa sai ranar Litinin zai dawo. Kahin nan zan jera bakwai ɗin da lambar layi a gehe, in aje na asalin ban taɓa ba. Ɗan Ƙonni, zan auna naka da na tsibin a kan na wata ukun in turo mintocin.